Babi na Bakwai: Aiki Ya Ƙaru, Albashi Yana Nan Inda Yake

A ranar 20 ga Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kuma kafin wasu watanni su shuɗe an wargaza hukumar USAID. Garuruwa kaɗan ne a Najeriya suka ji wannan a jikinsu kamar Maiduguri, inda tun wajen 2016 ƙungiyoyin agaji suka cika gari da ofisoshi da motoci da sito-sito, suka zama masu ɗaukar matasa aiki da albashin da gwamnati ba ta iya biya. Da kuɗi suka tsuke, an sallami mutane da yawa, kuma labarinsu aka fi bayarwa. Waɗanda suka rage kuwa, ba a cika maganarsu ba, alhali aikin waɗanda suka tafi bai bi su gida ba. A teburin wanda ya saura aka jibge shi. Mai kula da sito ya wayi gari shi ne kuma mai kula da motoci da mai, ma'aikaciyar kuɗi ta zama ita ce mai tsara biyan albashi, duk da kalma guda daga bakin shugaba: "Ka riƙe mana kafin mu gani." Wannan babi yana magana ne a kan hirar farko da irin wannan ma'aikaci zai yi da shugabansa na kusa, wadda ba a rubuce ba kuma ba a gaban kowa ba. Abin da nake so in kafa shi ne, ba kuɗi ake zuwa nema a wannan hira ba. Ana zuwa ne a sa shugaba ya ambaci sabon aikin da sunansa, ya yarda da ranar da aka fara shi, ya kuma faɗi ta wace ƙofa kuɗinsa za su iya fitowa. Wanda ya samu waɗannan uku ya ci ribar hirar ko da bai fito da ƙarin kwabo ba a ranar.

Dalili na farko shi ne, a yawancin wuraren aiki mutumin da kake kira oga ba shi ke riƙe da kuɗin ba. A ƙungiyar agaji kowane muƙami layi ne a cikin kasafin da mai ba da tallafi ya amince da shi, an rubuta sunan muƙamin da matakinsa da adadin watannin da za a biya. Albashin mutum ɗaya ma yakan fito daga tallafi biyu ko uku, wannan ya ɗauki rabi, wancan ya ɗauki sauran. Shugaban sashe bai isa ya ƙara naira ɗaya a wannan layi da bakinsa ba. Abin da yake iyawa shi ne ya rubuta wa sashen kula da ma'aikata cewa aikin wane ya sauya, a sake duba takardar bayanin aikinsa, ko a ba shi alawus na riƙo. Daga nan sashen kuɗi ya duba ko akwai gurbi, shugaban ƙungiya ya sa hannu. Saboda haka in ka tare shi da "a ƙara mini albashi", ka tambaye shi abin da ba ya hannunsa, kuma amsar da ta fi masa sauƙi, wadda kuma gaskiya ce, ita ce babu kuɗi. Da zarar ya furta haka magana ta mutu, kuma sake tayar da ita bayan wata biyu sai ya yi kama da naci. In kuwa tambayarka ita ce yaya za a yi wannan aiki da na riƙe ya shiga takarda, ka tambaye shi abin da yake da iko a kai, kuma da wuya ya ce ba zai iya ba.

Kafin ma a je wurinsa akwai abin da ya kamata ma'aikaci ya bincika da kansa, domin shi ke nuna abin da zai yiwu: me ya sa kujerar ta zama babu kowa? In abokin aikin ya ajiye aiki ne don ya samu wani a Abuja ko Damaturu, alhali tallafin da ke biyansa yana da sauran watanni, to kuɗin albashinsa suna nan a layinsu ba a taɓa ba, kuma ƙungiya ba ta son ƙarshen wa'adi ya zo da ragowar kuɗin da za ta mayar. A nan alawus na riƙo abu ne mai sauƙi. In kuwa an sallame shi ne saboda tallafin ya ƙare ko an yanke shi, to layin ya tafi tare da shi, babu abin da za a ɗebo daga ciki. Ana gane bambancin ba tare da leƙa takardun sirri ba. Wanda ya tafi shi kaɗai a tsakiyar shekara, aka kuma liƙa tallar neman wanda zai maye gurbinsa, kujerarsa tana da kuɗi. Waɗanda suka tafi su goma rana ɗaya, aka mayar da motoci, aka rufe ofishin Dikwa ko na Monguno, kujerunsu ba su da komai. Ma'aikacin da bai rarrabe waɗannan biyu ba zai je ya nemi abin da babu, ko kuma ya yi shiru a kan abin da ke ajiye yana jiransa.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. A ce mai kula da sito yana ɗaukar naira 250,000 a wata, jami'in da ke kula da motoci kuma, wanda ke mataki ɗaya sama da shi, yana ɗaukar 320,000. Jami'in ya ajiye aiki a watan Maris, aka ce mai sito ya riƙe. Yanzu ban da karɓar kaya da fitar da su da ƙidayar ƙarshen wata, shi ke tsara tafiyar direbobi shida, shi ke sa hannu a takardar shan mai, shi ke bin motar da ta je gareji, shi ake kira da dare in mota ta makale a hanyar Bama bayan sojoji sun rufe hanya. Da awa 40 yake yi a mako, yanzu 50. In ka raba albashinsa da awoyin wata, da kowace awa tana kawo masa kusan naira 1,450, yanzu ta koma kusan 1,150. Wato an rage masa kashi ɗaya cikin biyar na ladan aikinsa ba tare da an taɓa takardar albashinsa ba. Tazarar da ke tsakanin muƙaman biyu naira 70,000 ce a wata, don haka in ya yi shiru har Satumba ya bar 420,000 a baya, kuma da wuya a biya shi su daga baya, domin masu binciken kuɗi ba sa son biyan da aka mayar da kwanan watansa baya babu takardar da ta kafa shi tun farko. Wannan shi ya sa ranar fara aiki ta fi komai muhimmanci a hirar. Akwai kuma abin da ya fi awoyi nauyi: sa hannu. Duk litar man da ta ɓata daga Maris, sunansa za a gani a takarda. Mutumin da ke ɗauke da alhakin dukiya ba tare da takardar da ta ɗora masa shi ba, in abu ya yi kyau ba nasa ba ne, in ya lalace nasa ne.

Lokacin yin maganar gajere ne, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A makon farko bai dace ba, domin ba ka nuna ka iya ba tukuna, kuma zai zama kamar ciniki kake yi da mutum a lokacin da yake cikin matsi. Bayan wata shida kuma ya yi latti, domin kowa a ofis ya saba ganin aikin a hannunka har an manta akwai lokacin da na wani ne. Tsakanin mako huɗu zuwa takwas ne aka fi samun dacewa: ka rufe wata guda cur, rahoton mai ya fita daidai, kuma har yanzu shugaba yana tuna wahalar da ka ɗauke masa. Akwai kuma kalandar da ta fi wannan, ita ce ta rubuta neman sabon tallafi. Lokacin da ake tsara kasafin shekara mai zuwa shi ne lokacin da ake iya sauya sunan muƙami da matakinsa da alƙalami kawai. Bayan an miƙa kasafin an amince da shi, sauya layin albashi sai an koma neman izinin mai kuɗin, kuma ba kowane shugaba ne zai yi wannan wahala saboda mutum ɗaya ba. Ma'aikacin da ya ga manyansa sun kulle kansu a ɗakin taro suna lissafi, ya sani ƙofarsa a buɗe take a wannan makon.

Wuri ma yana da nasa hukuncin. Ba a yin wannan magana a mota direba yana ji, ba a yinta a taron safiyar Litinin, ba a kuma bin mutum gidansa ranar suna ko zaman makoki a cusa ta cikin gaisuwa. Minti goma a ofishinsa bayan an dawo daga sallar Azahar sun isa. Bayan gaisuwa, maganar tana iya tafiya kamar haka: "Yallaɓai, shawara na zo nema. Tun ranar uku ga Maris nake riƙe da sashen motoci haɗe da sito, kuma alhamdu lillahi rahoton wata ya fita lafiya. Na ji daɗin amanar da aka ba ni, ina kuma so in ci gaba. Abin da nake so in sani shi ne, wannan riƙo na ɗan lokaci ne ko ya zauna ke nan? In na ɗan lokaci ne, yaya tsarinmu yake game da mai riƙo? In kuma ya zauna, me ya kamata a yi takardar aikina ta nuna haka?" In shugabar mace ce, Hajiya ko ranki ya daɗe ya maye gurbin yallaɓai, sauran duk ɗaya ne. A lura babu adadin kuɗi a ciki, babu kukan talauci, babu sunan wani da ake cewa ya fi ni albashi. Akwai kwanan wata, akwai shaidar cewa aikin ya yi kyau, akwai kuma tambaya mai rassa biyu wadda kowane reshe aka bi yana kaiwa ga takarda. Amma ya kamata adadin ya kasance a zuciyar mai magana, domin shugaba nagari yakan juyo ya ce, to kai me kake gani? Mai sitonmu sai ya ce ya duba littafin dokokin ma'aikata ya ga abin da aka tanada, ko ya ambaci tazarar matakan biyu. Ƙungiyoyi sun bambanta a nan, wasu suna biyan wani kaso na albashin mai riƙo, wasu bambancin matakan, wasu kuma sai riƙo ya wuce wata guda kafin a fara lissafi. Wanda bai karanta littafin ba kafin ya shiga, ya shiga da hannu ɗaya.

Masu ja da wannan shawara suna da hujjoji, kuma wasunsu ba na wasa ba ne. Mafi ƙarfi ita ce ta tsoro: a garin da ɗaruruwan waɗanda suka kammala karatu a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat ke yawo da takardun neman aiki, ga kuma ƙwararrun da aka sallama jiya, wa zai buɗe baki? Kwantiragin wata shida ne, ba sai an kore ka ba, ƙin sabuntawa kawai za a yi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin da ya sa na ce kada a je da sigar neman kuɗi ko barazanar tafiya. Amma a duba lissafin daga kujerar shugaba. Mutumin da ke riƙe da aikin mutum biyu shi ne wanda tafiyarsa za ta fi kowa tsada, domin ɗaukar sabo yana cin makonni na talla da tantancewa da koyarwa, kuma a tsawon wannan lokaci shugaban ne da kansa zai riƙa amsa kiran direbobi da dare. Tambayar ladabi a kan matsayin riƙo ba ta sa a ƙi sabunta kwantiragin irin wannan mutum, sai dai a wurin da dama an shirya rabuwa da shi. Takardar riƙo kuma kariya ce a ranar rage ma'aikata ta gaba, domin idan aka zauna zaɓen wanda zai saura, abin da ke cikin fayil ake dubawa.

Hujja ta biyu ta tarbiyya ce. An raine mu a kan cewa na gari ba ya yabon kansa, kuma roƙon ƙari a wurin wanda ya ba ka amana rashin godiya ne, musamman a garin da ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumban 2024 ta bar dubban mutane babu ko tabarma. Ka yi aikinka, idon manya yana gani. Ina girmama wannan tarbiyya, amma an gina ta ne a kan wani irin maigida da ba shi ne ke zaune a ofishin ƙungiya ba. Attajirin Kasuwar Monday da yaronsa ya yi masa shekara bakwai a shago yana gani da idonsa, kuɗin nasa ne, kuma al'ada ta ɗora masa sallamar yaron da jari ko yi masa aure. A can shiru yana da lada, kuma in magana ta kama, aika dattijo ya fi zuwa da kai. Shugaban sashe a ƙungiya kuwa shi ma ɗan kwantiragi ne, yana iya komawa Yola ko Juba a watan gobe, wanda zai gaje shi kuma ba zai tarar da komai ba sai fayil. Aika dattijo a nan ma illa yake yi, domin yana kama da neman alfarma ta bayan gida, abin da dokokin ƙungiyoyin suka hana. Kuma neman a bayyana lada kafin aiki ya yi nisa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, malaman fiƙihu sun sa sanin aiki da sanin lada cikin sharuɗɗan ingancin ijara.

Wasu kuma za su ce ai tsadar rayuwa ta fi kowace hujja ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin Keke Napep da na masara suka yi tashin gwauron zabo, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, ma'ana a lokacin naira 250,000 ba ta sayen fiye da abin da kusan 185,000 ta saya shekara guda kafin nan. Duk gaskiya ne, amma hujja ce ta kowa. Mai gadi yana da ita, shugaban ma yana da ita. In ya ƙara maka saboda tsada, dole ya ƙara wa kowa, don haka ba zai ƙara wa kowa ba. Maganar tsada ta taron ma'aikata ce gaba ɗaya, a nemi gyaran ma'aunin albashi. Hujjar ƙarin aiki ita ce taka kai kaɗai, ita ce kuma wadda shugaba zai iya karewa a gaban na sama da shi ba tare da ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Haɗa su biyun yana raunana mai ƙarfin.

Saura jimlar nan da ke ƙasan kusan kowace takardar aiki, wadda ke cewa ma'aikaci zai yi duk wani aiki da shugabansa ya ba shi. Shugaba yana iya nuna ta, kuma ba laifi a yarda da shi cewa ta halatta taimakon mako biyu lokacin da abokin aiki ke hutu. Muƙami sukutum mai matakinsa da albashinsa daban, wanda aka riƙe wata da watanni, ya wuce abin da hankali zai kira taimako. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar da ta bayyana yanayin aikinsa da ladansa cikin wata uku da farawa, in kuma sharuɗɗan sun sauya ya sanar da shi a rubuce cikin wata guda. Sai dai a san iyakarta. Dokar ba ta ce dole a ƙara albashi ba, kuma ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, waɗanda kwantiraginsu ne ke hukunci a kansu. Sanin wannan sashe yana ƙarfafa zuciya cewa neman takarda ba rashin kunya ba ne. Ambatonsa a hirar farko kuwa kuskure ne, domin shugaban da ya ji an jawo masa doka zai daina magana da kai a matsayin ɗan'uwa, ya tura ka sashen ma'aikata.

Ma'aikacin gwamnati lamarinsa ya fi wannan tsauri kuma ya fi sauƙin fahimta. Albashinsa mataki ne daga na 01 zuwa na 17, darakta ba ya ƙara shi, ƙarin girma kuma yana da shekarunsa, uku-uku ga masu mataki na 07 zuwa na 14 a tsarin tarayya. Abin da zai nema a hirar shi ne wasiƙar naɗi a matsayin muƙaddashi, domin alawus na riƙo ba ya fitowa sai da ita, sannan a rubuta ƙarin aikin a fom ɗin auna ƙwazo na shekara. Malamar makaranta mai zaman kanta da aka ƙara wa aji biyu kuwa, mai makarantar ne ke riƙe da kuɗin, don haka ita tana iya faɗin adadi kai tsaye, kuma lokacinta shi ne makonnin farkon zango da kuɗin makaranta ke shigowa. Kada ta dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 sai ta ƙirga abokan aikinta, domin dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Amsar shugaba tana da alamomi. In ya ce ka rubuto masa jerin abin da kake yi, ko ya ambaci wanda zai yi wa magana da ranar da zai yi, magana ta kama hanya. In ya ce bari mu gani, in sha Allahu, babu rana babu suna, sai a tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, in tuna maka ƙarshen wata?" Kowace amsa aka samu, a aika masa gajeren saƙo a ranar, ta imel in akwai, na godiya da ya saurara, a ambaci aikin da ranar fara shi da abin da aka tsaya a kai. Wannan saƙo shi ne takardar farko a fayil ɗin da babu shi da safe. In kuma kujerar ta waɗanda kuɗinsu ya tafi ce, kuma shugaba ya faɗi haka da gaskiya, akwai sauran abin karɓa: sunan muƙamin a takarda, wanda zai yi amfani a neman aiki na gaba, alkawarin sa sabon matakin a kasafin da ake rubutawa, ranakun hutu a madadin awoyin da suka ƙaru, ko a sauke wani ɓangare na aikin a ba wani. In aka ba da zaɓi tsakanin alawus da ƙarin mataki a kan aikin da ya riga ya zauna, a ɗauki matakin. Alawus yana tsayawa ranar da riƙo ya ƙare, mataki kuwa yana shiga ainihin albashi, wanda yake cikin abin da a kansa ake lissafa kashi 10 cikin ɗari da Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba maka kowane wata.